Dabit da Kiredit Sun Ƙi Haɗuwa: Ta Ina Za Mu Fara Nema?

Yau za mu tsaya a kan wurin da yake tayar wa da yawa daga cikinmu hankali a darasin akanta: an fitar da ragowar kowane asusu daga leja, an jera su a tirayal balans, an tara, sai jimlar dabit ta faɗi wani abu, ta kiredit ta faɗi wani daban. A jarrabawar WAEC ko NECO wannan yana cin lokaci da maki. A shago kuwa abin ya fi haka nauyi, domin idan lissafi ya nuna giɓi, yaron shago ake fara kallo, alhali sau da yawa ba wanda ya taɓa ko sisi, alƙalami ne ya zame.

Ƙa'idar dai ɗaya ce tun zamanin Luca Pacioli, wanda ya yi bayanin wannan tsari a littafin da aka buga a birnin Venice a 1494: duk adadin da aka rubuta a dabit na wani asusu, sai an rubuta daidai shi a kiredit na wani. Saboda haka idan jimlar biyu ta saɓa, akwai inda aka karya wannan ƙa'ida, ko kuma an yi kuskure wajen tarawa ko kwafa.

Mu ɗauki misalin da muka ƙirƙira domin darasi: wani mai sayar da shinkafa da sukari a Babbar Kasuwar Sakkwato ya ba mu littattafansa a ƙarshen Disamba, muka fitar da wannan.

Ɓangaren dabit:
Sayen kaya N850,000
Kanta, sikeli da sauran kayan aikin shago N150,000
Kuɗi a banki N215,000
Kuɗi a hannu N68,000
Waɗanda shago ke bi bashi N132,000
Hayar shago N60,000
Kuɗin dakon kaya N72,000
Jimla N1,547,000

Ɓangaren kiredit:
Jari N500,000
Ciniki N920,000
Masu bin shago bashi N96,000
Kayan da masu saye suka mayar N14,000
Jimla N1,530,000

Abu na farko, mu sake tara kowane ɓangare, amma daga ƙasa zuwa sama, don kada ido ya maimaita kuskuren da ya yi da farko. Idan bambancin ya kasance N10, N100 ko N1,000 cif, zargi ya fi ƙarfi a kan tarawar, domin mantawa da ɗayan da aka ɗauka zuwa layi na gaba haka yake fitowa. A namu tarawa daidai take. Sai mu rubuta bambancin a gefe, tare da ɓangaren da ya rinjaya: dabit ya fi da N17,000. Kada a raina rubuta ɓangaren, zai yi mana amfani nan gaba.

Wannan adadi za mu yi wa tambaya uku. Ta farko: akwai asusu ko wani ciniki mai N17,000 daidai? Idan akwai, to an manta shi ne wajen kwafa, ko an shigar da shi a gefe ɗaya kawai. Wanda aka fi mantawa shi ne kuɗin hannu da na banki, saboda suna cikin littafin kuɗi, ba cikin leja tare da sauran ba. Ta biyu: idan aka raba shi biyu, akwai adadi mai N8,500? Dalilin rabawar shi ne, idan abu ya koma ɓangaren da ba nasa ba, ɓangarensa ya rasa shi, ɗayan kuma ya ƙaru da shi, sai giɓin ya zama ninki biyu. Ta uku: tara tana raba shi ba saura? Hanyar gane wannan da sauri ita ce a tara lambobinsa: 1 da 7 sun ba da 8, don haka tara ba ta raba shi.

Tambayoyi uku, ba amsa ko ɗaya. A nan ne wasu ke jefar da biro, wasu kuma su ƙara N17,000 a kan jari a ɓoye don lissafi ya haɗu. Wannan dabara ba ta da amfani, mai duba takarda yana da adadin jarin a gabansa. Abin da rashin amsar yake nuna mana shi ne, mai yiwuwa kuskuren ya wuce ɗaya. Waɗannan gwaje-gwaje uku suna aiki ne idan kuskure ɗaya tak ya haifar da giɓin. Idan biyu suka cakuɗe, adadin da ya fito ba ya kama da ko ɗayansu.

To sai mu bar adadin, mu bi jerin layi bayan layi, muna tambayar kowane asusu ko a gidansa yake. Kadara da kashe-kashen kuɗi da abin da mai shago ya cire don kansa dabit suke zama. Jari da bashin da ake bin shago da kuɗin shiga kiredit suke zama. Ɓangaren dabit duk lafiya. A kiredit kuwa layi na huɗu yana da matsala. Kayan da masu saye suka mayar rage ciniki suke yi, ciniki kuma kiredit ne, don haka su dabit ne mazauninsu. Wanda ke zama a kiredit shi ne kayan da shago ya mayar wa dila. Waɗannan biyu suna yawan rikita ɗalibai saboda sunansu ya yi kama. Mu riƙa tambayar kanmu: kayan shigowa shago suka yi ko fita? Abin da ya shigo, dabit.

Mu mayar da N14,000 inda ya dace. Dabit ya zama N1,561,000, kiredit ya koma N1,516,000. Bambanci yanzu N45,000 ne.

Giɓi ya ƙaru bayan mun yi gyara, kuma ba laifi ba ne. Kuskuren da muka cire yana ɓoye wani ɓangare na ɗayan ne: shi yana ƙara wa kiredit rinjayen N28,000, ɗayan yana ƙara wa dabit N45,000, abin da ya rage a fili shi ne N17,000 ɗin da muka fara gani. Duk lokacin da aka yi gyara ɗaya, sai a sake fitar da bambanci a maimaita tambayoyin uku.

Akwai N45,000 a jerin? Babu. Akwai rabinsa, N22,500? Babu. Tara fa? 4 da 5 sun ba da 9, tana raba shi, amsa 5,000. Wannan alama ce ta juya lambobi, wato a rubuta 72 a madadin 27. Ga dalilin da ya sa tara ke kama wannan kuskure. A 72, bakwai tana wurin gomiya, biyu tana wurin ɗaiɗai. Idan suka yi musanya, bakwai ta sauka daga 70 zuwa 7, ta rasa tara sau bakwai. Biyu ta hau daga 2 zuwa 20, ta samu tara sau biyu. Abin da ya rage tara sau biyar ne, 45. A kowane adadi mai lamba biyu, idan aka juya su, bambancin zai kasance tara sau tazarar da ke tsakaninsu.

Wannan yana nufin 5,000 ɗin da muka samu tana gaya mana abu biyu. Biyar ɗin tana cewa tazarar lambobin da aka juya biyar ce, kamar 0 da 5, 1 da 6, 2 da 7, 3 da 8, ko 4 da 9. Sifili ukun kuma suna cewa lambobin suna wurin dubbai da wurin dubu goma. Ga inda ɓangaren da muka rubuta ya shigo: tunda dabit ne ya rinjaya, ko dai an kumbura wani adadi a dabit, ko an rage wani a kiredit. A kiredit babu adadin da ya dace da wannan siffa. A dabit akwai uku: 850,000 na iya zama 805,000, 150,000 na iya zama 105,000, 72,000 na iya zama 27,000.

Gwajin tara iyakarsa ke nan, ya rage mana waɗanda ake zargi daga goma sha ɗaya zuwa uku, amma ba ya nuna mai laifi. Sai an buɗe leja. Asusun sayen kaya ya nuna N850,000, na kayan aiki N150,000. Asusun dako yana da shigarwa uku daga littafin kuɗi: N12,000, N9,000 da N6,000, jimla N27,000. Wajen kwafa ne ya zama N72,000. Muka gyara, dabit ya sauko N1,516,000, daidai da kiredit.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure da tara ke kamawa, wato zamewar sifili. Da an rubuta haya N6,000 a madadin N60,000, giɓin zai zama N54,000, idan aka raba da tara sai a sami 6,000, adadin da aka rubuta ke nan. Amma mu yi hattara: N36,000 tara tana raba shi, kuma zai iya zama N18,000 ne da ya koma ɓangaren da ba nasa ba. Shi ya sa ake yin tambayoyin uku duka, ba a tsaya a wadda ta fara amsawa ba.

Kurakuran nan biyu a takardar tirayal balans suka faru, leja kalau take, don haka gyara takardar ya isa. Da mun duba ragowar asusai mun tarar an kwafe su daidai, sai mu ja da baya mataki ɗaya: mu sake tara kowane asusu, mu duba ragowar da aka kawo daga watan jiya, sannan mu bi kowace shigarwa daga littafin kuɗi da na ciniki da na saye zuwa leja, muna sa alama. Idan lokaci ya ƙure ba a gano ba, ana buɗe asusun wucin gadi da ake kira sasfens, a sa bambancin a ɓangaren da ya gaza, a riƙa share shi ta jona duk lokacin da aka gano kuskure. Ajiya ce kawai, ba gyara ba.

Haɗuwar jimla kuma ba shaida ba ce cewa littattafan suna daidai. Da an rubuta N72,000 tun daga rasit, ya shiga littafin kuɗi da asusun dako a haka, tirayal balans zai haɗu lafiya lau, sai ranar da aka ƙirga kuɗin akwati aka ga sun fi na littafi da N45,000. Haka ma idan an manta wani ciniki gaba ɗaya, ko an rubuta bashin wani a asusun wani, ko an sa sabon sikeli cikin sayen kaya.

Ga aikin gida. A wani tirayal balans kiredit ya fi dabit da N6,300, kuskure ɗaya ne, kuma na juya lambobi ne. A ɓangaren dabit akwai N4,750, N12,900, N8,100 da N31,640, ɓangaren kiredit kuma an tabbatar daidai yake. Wanne za ku fara dubawa a leja, kuma nawa kuke sa ran gani? Ku lura da ɓangaren da ya rinjaya kafin ku zaɓa, domin akwai tarko guda a ciki. Amsa tana nan tafe a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.