Taurarin Play Store ba sa faɗa maka komai, karanta sharhin

Jama'a, ku daina yanke wa gem hukunci da ƙirga taurari. Daga Gumel har Maigatari, wai mutum ya saka kuɗi ko ya ƙona datarsa bai karanta sharhi ko ɗaya ba. Haba!

A Satumba 2021 masu buga Genshin Impact suka yi masa taron dangi da tauraro ɗaɗɗaya, don kawai kyautar cikarsa shekara ta yi musu kaɗan. Gem ɗin lafiyarsa ƙalau. Fushin har Google Classroom ya shafa, wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.

A watan ne kuma eFootball 2022 ya fito, fuskokin 'yan ƙwallo duk a karkace. Shi kam ya cancanci zagin. Konami ta ba da haƙuri, na waya bai iso ba sai Yuni 2022.

To ya za ka bambance? Shiga "See all reviews", ka zaɓi "Most recent". In ƙorafin ya taru cikin kwana biyu, magana iri ɗaya, fushi ne. Nemi mai cewa wayarsa na zafi ko sandarewa, musamman in RAM ɗinta daidai da taka ne.