Motar CNG mai yoyo ta fi mai shan fetur ɗumama duniya

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, direbobinmu da dama a Legas, Ibadan da Benin sun mayar da motoci da Keke Napep ɗinsu zuwa CNG. Ana cewa ya fi arha kuma ya fi fetur tsabta. Mun yarda, amma tsabtar tana da sharaɗi: sai gas ɗin ya ƙone a cikin inji.

Mafi yawan abin da ke cikin tukunyar CNG iskar metan ce, wato CH4, ba irin gas ɗin girki na gida ba. Idan kilo 1 na metan ya ƙone, yana fitar da kilo 2.75 na iskar CO2. Idan kuwa ya tsere bai ƙone ba, a cikin shekara 20 zai ɗumama duniya kamar kilo 80 na CO2, wato kusan ninki 30 na wanda ya ƙone.

Me ya kawo wannan bambanci? Ƙasa tana mayar da zafin rana sama, waɗannan iskoki kuma suna tare shi. CO2 ta riga ta yi yawa a sararin sama, ta toshe mafi yawan hanyar zafin da take iya tarewa. Metan bai kai kashi 1 cikin 200 na yawanta ba, kuma yana tare zafi ne a hanyar da har yanzu take a buɗe, shi ya sa kowane ƙari yake tasiri sosai. Sauƙin abin shi ne yana ɓacewa cikin kusan shekara 12, ita kuwa CO2 tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru.

Mu yi lissafi da abin da ke fita daga mota kaɗai. Direban da ya ƙona kilo 100 na CNG ya fitar da kilo 275 na CO2. Da fetur ya yi wannan aikin, da ya fitar da kusan kilo 345. Ribarsa kilo 70 ke nan. Amma idan kilo 1 kacal ya zurare, ya ƙara kilo 80, ribar ta tafi har da bashi.

Saboda haka muna ganin bai kamata a kai mota wurin kowane makaniki don neman arha ba. A je cibiyar da hukuma ta amince da ita. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu, in ya yi kumfa akwai yoyo. A duba mita da dare, a sake dubawa da safe. In allura ta sauka sosai mota tana ajiye, gas na fita. Kada a dogara da hanci kaɗai, domin metan ba shi da wari sai wanda aka zuba masa, kuma kada a taɓa gwadawa da ashana.

Gas ɗin da ya zurare kuɗinmu ne, haɗarin gobara ne, kuma zafi ne da zai dawo kanmu. Allah ya kiyaye hanya.