Fushi Ba Ya Gyara Lissafi

A wannan mako zancenmu ya faɗa kan wata matsala da ke raba dila da abokin cinikinsa na shekara da shekaru, watau saɓani a kan takardar kuɗin kaya. Saɓanin kansa ba abin mamaki ba ne, tun da tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin da ke jawo asara shi ne yadda mai ƙorafi ke gabatar da ƙorafinsa.

Ina da wani kawu mai shagon sayar da shinkafa a Agege, cikin Ikko, wanda ke saro kaya daga wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Kwanakin baya na kai masa ziyara, na tarar da shi rai a ɓace. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Ɗana, kai da ka yi karatun jarida, duba ka ga irin cin amanar da ake yi mini." Na duba, sai na ga saƙonni goma sha ɗaya da ya aika wa manajan kamfanin cikin kwana uku. Ga uku daga ciki:

"Haba Alhaji! Wannan wane irin lissafi ne? Wallahi ban yarda ba."

"Kayan ma ba su cika ba, kuma ba haka muka yi da kai ba. Ina kuɗin da na turo?"

"In cuta kuke so ku yi, ku fito fili ku faɗa. Ba ku kaɗai ke sayar da shinkafa a Kano ba."

Amsar da ya samu ɗaya ce tak: "Za mu duba." Ni kuwa ban ga laifin manaja ba. A duk saƙonnin nan babu lambar takardar da ake jayayya a kanta, babu yawan buhunan da suka ɓace, babu ranar da aka tura kuɗi. Ko da manaja ya so taimakawa, me zai kai wa akanta ya ce a bincika? Akanta lamba da kwanan wata yake nema a littafinsa, ba ɓacin rai ba.

Saboda haka aikin farko ba rubutu ba ne. Na ce da kawu ya fito da duk takardun da suka shafi wannan ciniki, muka jera su bisa kwanan wata. Ran 3 ga Maris ya yi odar buhu 120, kuma manaja ya aiko da saƙon murya cewa kowane buhu Naira 60,000 ne. Ran 4 ga wata kawu ya tura Naira miliyan biyu kafin alƙalami, ga shaidar banki. Ran 9 mota ta iso, aka ƙirga buhu 110, yaron shago da direba duka suka sa hannu a takardar rakiyar kaya. Ran 11 sai ga takardar kuɗi mai lamba 417, an rubuta buhu 120 a kan Naira 62,000, jimla Naira 7,440,000, kuma ba a ambaci kafin alƙalamin ba ko kaɗan.

Da muka jera su haka, sai fushin nan guda ɗaya ya rabu gida uku: buhu goma da ba su zo ba, ƙarin Naira 2,000 a kan kowane buhu, da kuɗin da aka biya ba a cire ba. Kowanne da shaidarsa. Akwai kuma ƙorafi na huɗu, wanda kawu ya fi ɗaga murya a kansa, cewa buhu uku sun sha ruwa a hanya. Na tambaye shi ko an rubuta haka a takardar rakiyar kaya kafin a sa hannu. Ya ce a'a. Ko an ɗauki hoto a gaban direba? Ya ce a'a. To, nan na ce masa wannan ba zai shiga wasiƙa ba. Ba don ƙarya yake yi ba, sai don in ka haɗa magana marar shaida da masu shaida, abokin jayayya zai kama marar shaidar ya yi ta ja, har a manta da sauran.

Ga wasiƙar da muka rubuta ran 14 ga wata, bayan adireshi da kwanan wata:

"Zuwa ga Manaja. Neman gyara a takardar kuɗi mai lamba 417 ta ran 11 ga Maris.

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi takardar da aka ambata a sama, mai jimlar Naira 7,440,000. Da na gwada ta da takardun da ke hannuna, na ga wurare uku da ba su dace da juna ba.

"Na ɗaya, takardar ta nuna buhu 120, amma takardar rakiyar kaya ta ran 9 ga Maris, wadda direbanku ya sa wa hannu, ta nuna buhu 110. Na biyu, an sa Naira 62,000 a kan kowane buhu, alhali saƙonka na ran 3 ga Maris ya ce Naira 60,000. Na uku, ba a cire Naira 2,000,000 da na biya ta banki ran 4 ga Maris ba.

"A lissafina, buhu 110 a kan Naira 60,000 sun kama Naira 6,600,000. In aka cire abin da na riga na biya, saura Naira 4,600,000. Wannan ba ni da ja a kansa, kuma zan biya shi ran 18 ga wata. Ragowar Naira 2,840,000 kuwa na dakatar da biyansu sai an warware waɗannan abubuwa uku.

"Ina roƙon a aiko mini da gyararriyar takarda kafin ran 21 ga Maris. In kuma akwai wata takarda a wurinku da ta saɓa wa nawa, ina so a aiko mini da ita in duba. Na haɗo da kofen takardar rakiyar kaya, da shaidar banki, da saƙon muryar. Na gode da hulɗar da ke tsakaninmu. Haza wassalam."

Yanzu sai mu dubi abin da ya sauya. Da farko, kanun wasiƙar ya ɗauki lamba da kwanan wata, don haka duk akawun da ta faɗa hannunsa ya san fayil ɗin da zai buɗe. Sa'an nan "kayan ma ba su cika ba" ya koma 120 da 110, tare da sunan takardar da ta tabbatar da haka. "Ina kuɗin da na turo?" ya koma adadi da rana da hanyar biya. Kalmar cuta kuwa ta fita gaba ɗaya, aka maye gurbinta da "ba su dace da juna ba". Wannan ba tsoro ba ne. Kawu ya san lambobi sun saɓa, amma bai san dalili ba, kuma wanda ya zargi mutum da abin da bai iya tabbatarwa ya ba shi hanyar barin zancen kuɗi ya koma zancen mutunci.

Wani zai ce, to ina ƙarfin wasiƙar, tun da babu barazana a cikinta? Ƙarfinta yana wuri uku. Ta faɗi abin da za a biya da ranar biya, ta faɗi abin da ba za a biya ba da dalili, kana ta sa ranar da ake jiran amsa. Biyan abin da babu ja a kansa shi ne ginshiƙi. Mutumin da ya riƙe kuɗin buhu 110 saboda buhu goma, shi ya mai da kansa mai taurin bashi, ko da da farko shi ke da gaskiya. Amma fa in za a biya, a rubuta a fili cewa biyan na ɓangaren da ba a jayayya a kansa ne, kada a ɗauka an amince da takardar duka.

Sai kuma jumlar nan da ke neman su kawo tasu shaidar. Kawu ya so a cire ta, wai tana nuna rauni. Na ce masa ita ce ƙofar da manaja zai bi ya gyara kuskure ba tare da ya ji kunya ba. In kuma mu ne muka yi kuskuren, ta nan mu ma za mu fita.

Akwai wani dalili da ya sa ya kamata a kula da abin da ake rubutawa a waya. Dokar Shaida ta Nijeriya ta shekarar 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi bayanan da suka fito daga na'ura a gaban kotu, in an cika sharuɗɗan da ta gindaya. Ke nan saƙon muryar manaja yana iya zama hujja ga kawu, haka nan zagin da kawu ya aika yana iya zama abin karantawa a gaban alƙali. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa har ajiye ta ake yi.

Amsa ta zo bayan kwana huɗu. Kamfani ya amince da kafin alƙalami, ya ce akawu ne bai shigar ba. Ya amince da buhu goma, ashe an sauke su ne wa wani mai shago a Ibadan bisa kuskure. Amma a kan farashi suka tsaya, suka ce Naira 60,000 kuɗin buhu ne a bakin sito, Naira 2,000 kuwa kuɗin mota ne zuwa Ikko. Muka sake sauraron saƙon muryar, muka tarar lalle ba a ambaci wanda zai biya kuɗin mota ba. Nan iyakar wasiƙa take: tana fito da gaskiyar da ke rubuce, amma ba ta iya ƙirƙiro sharaɗin da ba a ƙulla ba tun farko. Daga ƙarshe aka raba, kawu ya ƙara Naira 1,000 a kan kowane buhu, watau Naira 110,000, aka rufe zancen.

Buhunan nan uku da suka sha ruwa kuwa, bayan an daidaita kawu ya ambace su ga manaja ta baki, a matsayin roƙo ba haƙƙi ba, aka yi masa alkawarin rangwame a sari na gaba. Yanzu ya kafa wa yaran shagonsa doka: kada wanda ya sa hannu a takardar direba sai an ƙirga, an duba, an rubuta duk abin da aka gani. Shi ma in an faɗa masa farashi, yakan tambaya nan take, a rubuce, "Har da kuɗin mota?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.