Lissafin Dokin Rano: Ƙa'idar Rage Ci da Rage Ƙiba

Gabatarwa

A birnin Sakkwato, ba abin mamaki ba ne a ga magidancin da likita ya umarta da rage ƙiba, saboda ciwon suga ko hawan jini, ya rungumi wani lissafi mai daɗin ji. Lissafin na cewa kilo ɗaya na kitsen jiki daidai yake da kalori 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Don haka, wai duk wanda ya rage kalori 500 a kullum zai riƙa zubar da kusan rabin kilo kowane mako, ba fashi. Wani likita Ba'amurke, Max Wishnofsky, shi ya fito da tushen lissafin a 1958. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, in tafiya ta yi nisa, lissafin ya zama na dokin Rano.

Inda Gizo ke Saƙa

A ɗauki misalin wani ma'aikaci a unguwar Mabera mai nauyin kilo 100. Ya bar shan lemon kwalba, ya rage malmalar tuwo, har ya zaftare kalori 500 a yini. A shekara ya zaftare 182,500, wato kusan kilo 24 bisa ƙa'idar. In aka bi ta shekara huɗu, saura kilo 5 na mutumin ya rage. Hankali ba zai ɗauka ba.

Kuskuren shi ne, an ɗauka abin da jiki ke ƙonewa ba ya canzawa, alhali kuwa jiki kamar randa ce mai huji a gindi. Idan tana cike, ruwa na tsiyaya da ƙarfi. Da ya ja baya, sai tsiyayar ta lafa. Babban jiki ya fi ƙarami cin kalori, ko a kwance ko a tafe. Duk kilon da ya tafi, yakan tafi da wani kaso na buƙatar jiki, sai giɓin nan na 500 ya riƙa tsukewa, ko da mutum bai ƙara loma ɗaya ba. Ranar da ci ya yi daidai da sabuwar buƙata, nauyi ya tsaya ke nan.

Bayan haka, jiki kan yi tsimi idan ya ji ƙaranci. A gwajin da Ancel Keys ya gudanar a Jami'ar Minnesota tsakanin 1944 da 1945, an rage wa samari abinci na mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma abin da jikinsu ke ƙonewa a lokacin hutu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, fiye da abin da ramar kaɗai za ta jawo. Ga kuma yunwa, wadda ke ƙaruwa gwargwadon ramewa, har loma ta riƙa girma mai ita bai ankara ba.

A 2011, Kevin Hall da abokan aikinsa sun buga lissafin da ya fi kusa da gaskiya a mujallar Lancet. A wurinsu, rage kalori kamar 24 a kullum shi ke kawar da kilo ɗaya a ƙarshen tafiya, ana samun rabi cikin shekara guda, kusan duka kuma cikin shekara uku. Mutumin Mabera, in ya dage, zai zubar da kilo 10 ko 11 a shekarar farko, sa'an nan ya tsaya a wajen kilo 79.

Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne makonnin farko. Sikeli kan sauka da sauri, domin jiki na fara taɓa sukarin da ya ajiye a hanta da tsoka, wanda ke fita tare da ruwa mai yawa. Shi ya sa ramar azumi cikin zafin Sakkwato ba ta cika daɗewa bayan Salla ba.

Kammalawa

Illar tsohuwar ƙa'ida ita ce alkawarin da ba ta iya cikawa. Mai ciwon suga da aka ce zai zubar da kilo 24 ya ga 10, sai ya zargi kansa, ya watsar da tsarin, ko ya koma ga masu tallar maganin rage tumbi a kasuwa. Alhali kilo 10 daga cikin 100 nasara ce da likitoci ke maraba da ita. Ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa faɗa wa marasa lafiya tun farko cewa saukar za ta yi sanyi, kuma tsayawar sikeli lokaci ne na sake auna abinci da motsa jiki bisa sabon nauyi. Wanda ya san tsawon hanya ba ya jefar da guzuri a zangon farko.