WASIYYI DABAN, WANDA KOTU TA NAƊA DABAN



Ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa alƙali yakan gama lissafin gado, amma idan magada suka je banki ko kamfanin fansho sai a ce ba za a saki ko kwabo ba sai sun kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Jiha. Nan wasu sukan ce ai wannan tsarin Nasara ne, su yi fushi su koma gida, kuɗin marayu su yi shekaru a kulle. A ganinmu wannan fushi kuskure ne.

Wasiyyi shi ne wanda mamaci ya zaɓa da kansa tun yana raye, ya ambace shi cikin wasiyyarsa domin ya biya bashi, ya zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, ya miƙa wa magada haƙƙinsu. Ikonsa daga wasiyyar ya fito, yana farawa daga ranar rasuwa, kotu tabbatar da shi kawai take yi. Amma wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, to kotu ce za ta naɗa mai kula, kuma wannan ba shi da ikon taɓa komai sai ranar da takardar ta fito. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sanin wannan bambanci, domin sun rarrabe tsakanin wasiyyin uba da muƙaddamin alƙali. Ashe ke nan asalin abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ana neman takardar ne a sashen rajistar gado na Babbar Kotu. Masu nema za su kai takardar shaidar mutuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, su cika fom na jerin dukiya da na magada, su yi rantsuwa, su kawo mutum biyu masu tsaya musu. Kotu za ta ba su wata takarda su kai banki a rubuta adadin abin da ke cikin asusu, kuma a kan ƙimar dukiyar ake yanka kuɗin da za a biya. Sannan a buga sanarwa, a jira wa'adi, galibi kwana 21, ko wani zai kawo suka. Idan an kawo, magana ta tsaya sai an warware. Abin da ba a rubuta cikin jerin ba takardar ba ta hau kansa ba, don haka asusun da aka manta sai an sake komawa kotu.

Ga inda fitina take. A ɗauka malamin firamare ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya ƙanana, maza biyu da mace ɗaya. Wansa ne ya yi ta zirga-zirga, sunansa ya fito a takardar. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da na kotu, saura Naira 2,400,000. Matar tana da sumuni, 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 a kasa biyar: kowane namiji 680,000, macen 340,000. Shi kuwa wan nan fa? Ba shi da ko sisi, domin ɗa namiji ya katange shi daga gado. Amma da yake shi banki ya damƙa wa kuɗin, sai Shaiɗan ya raya masa cewa ya zama uban dukiya, ya zuba ta cikin kasuwancinsa da sunan juyawa, ba rubutu ba shaida. Alamar ɓarna ba ta ɓuya: da zarar an tambaye shi lissafi sai ya ce ana zarginsa. Takardar amana ta ɗora masa, ba mallaka ta ba shi ba, kuma aya ta 10 cikin Suratun Nisa'i ta yi wa mai cin dukiyar maraya da zalunci alƙawarin wuta. Haka nan wanda mamaci ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa, wannan bai mayar da shi magaji ba, balle mai kula.

Saboda haka muna ganin kada dangi su yarda a sa suna ɗaya rak, musamman inda akwai ƙananan yara, inda dokar kanta takan nemi aƙalla mutum biyu. A sa uwar marayun ko wani daga ɓangarenta tare da na dangin uba. Da zarar kuɗi sun fito a kai su gaban alƙalin shari'a a raba, a rubuta, a ajiye rabon kowane maraya da sunansa. Magada kuma suna da damar komawa kotun da ta ba da takardar su nemi a tilasta wa mai kula ya kawo lissafi, ko a janye ta daga hannunsa.