Wuƙar Edita Ta Fara Da Gaisuwa, Ba Da Muryar Tsohuwa Ba

Duk mai tace bidiyo a Lome, daga shagunan Avédji har zuwa Agoè-Zongo, ya san wannan saƙo: an gama aiki, kowa ya gani ya yaba, sai a ce ai wurin da za a ɗora shi ba ya karɓar fiye da minti kaza. YouTube ta ɗaga iyakar Shorts daga minti 1 zuwa minti 3 a watan Oktoban 2024, amma iyaka tana nan. Gasar gajerun finafinai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya haura minti 15, har da jerin sunayen ƙarshe. Gasar Mobile Film Festival kuwa minti 1 tak take so. Ba wanda zai saurari uzurinka, na'ura ce ko doka ce take ƙirga.

Ba iyakar ce ke ba ni haushi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne abin da masu aiki da editocinmu suke fara jefarwa idan wuri ya ƙure. Sai a bar tambarin ƙungiya yana ta juyi, a bar shugaba yana gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, a bar godiya ga duk wanda ya ba da jaka biyar, sannan a juya kan dattijuwar da aka je ɗauka tun farko a datse mata magana. Wannan tsoron manya ne aka sa masa rigar sana'a, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu kira shi da sunansa.

Bari in kawo aiki guda da ya ratsa ta hannuna, don maganar kada ta tsaya a iska. Wata ƙungiyar matasa ta shirya ɗan bidiyo a kan tashin tsohon Zongo. Ga wanda bai sani ba, Zongon Lome a da yana tsakiyar gari ne, sai a 1977 hukuma ta tashe shi aka mayar da jama'a arewacin birnin, tafiyar kusan kilomita 15, inda ake kira Agoè-Zongo a yau. Waɗanda suka ga ranar da idonsu kullum raguwa suke yi, shi ya sa aikin yake da nauyi.

Bidiyon ya kammala a minti 4 da sakan 20, wato sakan 260, ana kuma so ya shiga minti 3, wato sakan 180. Na zauna na rubuta kowane yanki da tsawonsa a takarda, domin ba a yanka kafin a yi ƙirga. Tambari yana cin sakan 12. Gaisuwar shugaban ƙungiya 38. Bayanin mai gabatarwa 30. Wani dattijo yana ba da labarin yadda aka kwashe kaya, 55. Wata dattijuwa tana faɗin abin da ta bari a tsohon gidansu, 60. Hotunan kasuwa da kiɗa 25. Sunaye da godiya 40.

Shawarar da masu aikin suka zo da ita ita ce wadda kowa ke zuwa da ita: a ƙara wa bidiyon gudu, a kuma tsince shirun da ke tsakanin maganganun tsofaffin. To mu yi lissafi. Kafin sakan 260 ya koma 180 ta hanyar gudu kaɗai, sai an ninka saurin kusan sau 1.44, kuma a wannan sauri dattijo ya zama abin dariya. In aka tsaya a 1.2, wanda shi ma kunne yana ji, bidiyon zai koma kamar sakan 217, saura 37 ba a san inda za a kai su ba. An ɓata muryar kowa, kuma ba a isa ba.

Ɓarnar gudu ta fi tsanani a Hausa, domin harshenmu yana rarrabe ma'ana da tsawon wasali. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, a rubuce ɗaya ne, jan wasalin ne ke raba su a baki. Manhaja tana iya riƙe kaurin murya kada ta koma ta yara, amma dole ta matse tsawon kowane sauti. Tsohon da haƙoransa suka zube, wanda da ma sai an kasa kunne, idan aka matse masa wasula sai mai sauraro ya koma cinta. Ga kuma fassarar Faransanci da ake sawa a ƙasa saboda maƙwabtanmu masu jin Ewe da Mina, da ma 'ya'yanmu da Hausarsu ta yi rauni. Layi biyu cikakku suna bukatar kamar sakan biyar zuwa shida kafin ido ya karance su. Ka ƙara gudu, rubutu ya wuce ba a karanta ba.

Tsintar shiru ita ma tana da nata haɗarin. Akwai shirun da ba komai a cikinsa, kamar lokacin da mutum yake gyara zama ko yana jiran babur ya wuce, wannan a cire shi. Akwai kuma shirun da shi ne maganar. Dattijuwar nan ta ambaci rijiyar gidansu, sai ta yi shiru na sakan huɗu tana kallon ƙasa. Wanda ya cire wannan sakan huɗu ya cire dalilin da ya sa aka ɗauko kyamara. Edita mai gaggawa kuma yakan datse wutsiyar jimla, alhali a Hausa sau da yawa korewa tana rufewa ne da "ba" ta ƙarshe. Ka yanke ta, ka bar mai sauraro a rataye bai tabbatar an yi ko ba a yi ba.

Ga abin da na yi a maimakon haka. Na sa wa kaina sakan 178, ba 180 ba, domin wajen fitar da bidiyo daga manhaja wani lokaci 'yan firem sukan ƙaru, kuma firem ɗaya a kan iyaka ya isa a ƙi aikin. Ke nan sakan 82 zan nema. Gaisuwar shugaba ta fita gaba ɗaya, na sami 38. Tambari ya sauka daga 12 zuwa 3, na sami 9. Sunaye da godiya suka koma allo biyu na sakan 15, na sami 25. Jimla 72. Saura 10, na same su a bakin mai gabatarwa, inda yake bayyana cewa an kwashe kaya a manyan motoci, abin da dattijon zai faɗa da bakinsa bayan rabin minti, kuma ya fi shi iya faɗa. Bidiyo ya tsaya a minti 2 da sakan 58. Ba a taɓa kalma ɗaya ta tsofaffin biyu ba, hotunan kasuwa ma suna nan, har na ari kaɗan daga cikinsu na rufe gurbin da yankan mai gabatarwa ya bari don kada hoto ya yi tsalle.

Tsarin da na bi ba sirri ba ne. Farko abin da ke magana a kan bidiyon ko masu shi, ba a kan labarin ba. Na biyu abin da aka faɗa sau biyu, a bar wanda ya fi ƙarfi. Na uku, in har yanzu ba a isa ba, a ɗauke fitowa guda sukutum. Gutsurar sakan biyu daga kowane wuri ita ce ta ƙarshe, domin ita ce ke sa bidiyo ya riƙa haki: ko'ina an taɓa, ba inda mai kallo zai huta. Walter Murch, wanda ya yi aikin tacewa a Apocalypse Now, ya jera abubuwa shida da edita ke dubawa a littafinsa In the Blink of an Eye, ya sa motsin zuciyar mai kallo a sama, labari na biye, ya kuma ba da shawarar in dole a sadaukar da wani abu a faro daga ƙasan jerin. Mu kuwa daga sama muke farowa, mu bar abin da ko cikin jerin bai shiga ba.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini ido da ido. Za a ce gaisuwa tarbiyyarmu ce, Bahaushe ba ya faɗa wa mutane magana ba sallama. Za a ce Alhajin da ya biya kuɗin kyamara da man babur yana da hakki, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maganar hakki gaskiya ce, ban musa ba. Amma askin da aka biya shi ne a fitar da aikin da mutane za su kalla. Sunan Alhaji yana iya fitowa a rubuce a gefen allo yayin da hoton kasuwa ke tafiya, bai ci sakan ko ɗaya ba. Cikakkiyar godiya tana iya zama a rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon, inda ba mai ƙirga lokaci. Doguwar sigar mai minti 4 da sakan 20 ma ba ta mutu ba, a nuna ta ranar taro, shugaba ya gaida kowa har da jikoki.

Batun tarbiyya kuwa, a zaure ake doguwar gaisuwa saboda baƙo ya riga ya zauna, ba inda za shi. Mai waya a hannu bai zauna ba, babban yatsansa yana kan allo. In aka haɗa tambari da gaisuwa a bidiyon nan, sakan 50 ne kafin a ji kalmar Zongo. Wanda ya wuce a sakan na goma bai ga Alhaji ba, bai ji dattijuwa ba, kowa ya yi asara. Kuma ina tambaya: wace tarbiyya ce ta ce a bar mai shekara arba'in ya gama jero sunaye, a katse mai shekara tamanin a tsakiyar magana? A gidajenmu wanda ya yi haka sai an harare shi.

Ga mai son ya gane ko yankansa ya yi kyau, gwaji biyu sun isa. Ka rufe ido ka saurari bidiyon daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda ka ji numfashi ya yanke a rabi, ko kiɗa ya yi tuntuɓe, ko jimla ta ƙare murya tana sama, to wuƙa ta faɗa inda bai kamata ba, ka koma ka matsar da ita. Sannan ka nuna wa wanda bai taɓa ganin doguwar sigar ba, ka tambaye shi wa ya yi magana, me ya faru, me ya tsaya masa a rai. Kai da ka kalli aikin sau hamsin ƙwaƙwalwarka tana cike gurbin da ka yanke, shi kuwa abin da ke kan allo kaɗai yake da shi. In ya kasa amsa ta biyu, ka cire wani abin da labarin ke tsaye a kansa.

Kirana ga 'yan'uwana editoci shi ne mu daina karɓar aiki ba tare da tambayar iyakar lokaci ba, kuma idan ranar yanka ta zo mu ajiye takardar ƙirga a gaban mai aiki ya ga inda sakan ɗinsa suke tafiya. Da yawa in suka ga lamba 38 a gaban gaisuwa, da kansu suke cewa a cire. Ga shugabanni da masu ba da tallafi kuma, ku riga edita faɗa: a fara da nawa. Tsofaffin da suka ga 1977 ba za a sake ɗaukarsu sau da yawa ba, ku kuwa ga taro nan gaba, makirfo na jiranku.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a gaban wanda ya biya.