ZAMAN ZANGO: Kuɗin Hayar Guntun Wata

A wannan watan za mu tsaya ne a kan wata magana da ke yawan haɗa mai gida da ɗan haya rigima a zangunanmu, daga Nima har Sabon Zangon Kumasi. Maganar ita ce: idan mutum ya shiga ɗaki a tsakiyar wata, ko ya fita wata bai ƙare ba, nawa ya kamata ya biya?

Abin da ya jawo ta shi ne wani tela da muka sani, wanda ya kama ciki da falo a kan sidi 900 a wata. An ba shi mabuɗi ran 19 ga Maris. Mai gidan, wani dattijo, yana karɓar hayar gidansa ne ran ɗaya ga wata, don haka ya ce masa, "Yaro, ka biya na Maris tukuna, sannan mu fara lissafi daga Afrilu." Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba, ai ban kwana Maris duka a ciki ba." Kowannensu yana da gaskiyarsa. Mai gida ba zai ba da kwanaki kyauta ba, ɗan haya kuma ba zai biya kwanan da bai yi ba. Abin da ya rage shi ne lissafi.

Matakin farko, a ƙirga kwanaki, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutane da yawa sukan cire 19 daga 31, su ce kwana 12 ne. Ba haka ba ne, domin ranar 19 ɗin kanta tana cikin lissafi, tun da a ranar ne ɗaki ya zama a hannun tela. Duk wanda ya ƙirga da yatsu daga 19 zuwa 31 zai sami 13. Saboda haka in an cire, sai a ƙara ɗaya. A kuma lura, ranar karɓar mabuɗi ake dubawa, ba ranar da aka kawo katifa da keken ɗinki ba.

Mataki na biyu, a san kuɗin kwana ɗaya. Hanyar da muka fi yarda da ita ita ce a raba kuɗin wata da ainihin kwanakin wannan watan. Maris kwana 31 ne. Don kada a ɓata da ƴan ɗori, gara a fara ninkawa kafin a raba: 900 sau 13 ya zama 11,700, a raba shi gida 31, ya ba da sidi 377.42. Abin da tela zai biya na Maris ke nan.

Amma akwai masu ɗaukar kowane wata a kan kwana 30. A wurinsu kwana ɗaya sidi 30 ne cif, kwana 13 kuwa sidi 390. Wannan hanya tana da sauƙi, ana iya yin ta da ka, sai dai tana da aibi. A watan da ke da kwana 31 tana ɗora wa ɗan haya ƙari, kamar yadda tela zai biya ƙarin sidi 12.58. Wanda ya shiga ran 2 ga Maris ma zai biya 900 gaba ɗaya, alhali kwana ɗaya ya wuce shi. A Fabrairu kuwa mai gida ne ke asara, domin kwana 28 sau 30 sidi 840 ne kawai. Wasu kuma sukan haɗa hayar shekara, wato 10,800, su raba da 365, su ninka da 13, su sami sidi 384.66. Babu haramtacciya a cikin ukun nan. Abin da bai dace ba shi ne a shiga da wata hanya a fita da wata, kowa yana zaɓen wadda ta fi masa riba.

To, shiga ba ta cika zafi ba, domin bambancin ƴan sidi ne. Inda kuɗi ke da yawa shi ne wajen fita, saboda a ƙasar nan haya gaba ake biya. Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana mai gida neman fiye da kuɗin wata shida gaba, ko da yake duk mun san yadda ake karɓar na shekara ɗaya har biyu. Mu ɗauka tela ya biya wata shida, daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba, sidi 5,400. Sai ya sami shago da ɗaki a wata unguwa, ya mayar da mabuɗi ran 10 ga Agusta. An kuma yi da shi tun farko cewa in ya fita da sanarwa za a mayar masa da ragowar kuɗinsa.

Ga yadda za a yi. Afrilu, Mayu, Yuni da Yuli cikakkun watanni ne huɗu, sidi 3,600. A Agusta ya yi kwana 10, kuma a nan ba a ƙara ɗaya, tun da daga ɗaya ga wata aka fara ƙirga. 900 sau 10, a raba gida 31, ya zama sidi 290.32. Jimillar abin da ya ci sidi 3,890.32 ne. A cire daga 5,400, saura sidi 1,509.68. Don a tabbata ba a yi kuskure ba, sai a bi ta baya: kwana 21 da suka rage a Agusta sidi 609.68 ne, a haɗa da 900 na Satumba, a sake samun 1,509.68. In lissafin biyu suka saɓa, to an ɓata a ƙirgar kwanaki.

Amma fa ɗan haya ya kula da sanarwa. Idan yarjejeniya ta ce a sanar da mai gida wata guda kafin a tashi, kuma tela ya sanar tun 10 ga Yuli, lissafinmu yana nan daram. In kuwa sai ran 1 ga Agusta ya buɗe baki, haya za ta ci gaba da hawa kansa har ƙarshen Agusta, ko da ɗakin yana kulle ba kowa. A nan sidi 900 na Satumba kaɗai zai karɓa. Jinkirin sanarwa ya ci masa sama da sidi 600. Haka kuma wanda ya kwashe kaya ya tafi da mabuɗi a aljihu, a idon mai gida bai fita ba. Kuɗin ruwa da wuta da shara kuma a yi lissafinsu daban, kada a cuɗa su da na haya.

Shawararmu ita ce, ranar da aka ba da mabuɗi a rubuta abu huɗu a bayan rasiɗi, a gaban shaidu: ranar shiga, hanyar raba kwanaki, tsawon sanarwa, da ko za a mayar da ragowar kuɗi in an fita da wuri. Wannan na ƙarshen shi ya fi muhimmanci, domin in ba a yi shi ba, mai gida na iya cewa wata shida aka kama, wata shida za a biya. Idan an saɓa duk da haka, a fara da mai unguwa ko Sarkin Zango, in ta ƙi, a tafi ofishin kula da haya na gwamnati da rasiɗi a hannu. Hausawa dai sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, amma takarda ba ta mantuwa.

Tela da Baba mai gida sun daidaita a kan sidi 377, dattijon ya yafe ɗorin. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.